Juha da Jakinsa: Yadda Ake Bayyana Barkwanci Ba Tare da An Kashe Shi Ba

Wani dare bayan sallar isha'i muna zaune a kan tabarma a ƙofar gida, sai wani dattijo daga cikinmu ya kawo labarin Juha da jakinsa. Ya ce wata rana maƙwabcin Juha ya yi sallama, ya ce yana son aron jaki zai kai kaya kasuwa. Juha ba ya son bayarwa, sai ya ce, "Ayya, da ka zo da wuri. Tun da sassafe wani ya are shi, ba ya gida." Bai rufe baki ba sai jakin ya ɓarke da kuka daga bayan gida. Maƙwabcin ya ce, "Malam Juha, wannan ba kukan jakinka ba ne?" Juha ya shafa gemu, ya dube shi da ɓacin rai, ya ce, "Haba maƙwabci! Da furfurata za ka ƙaryata ni, ka gaskata jaki?"

Kowa ya kwashe da dariya, ban da wani yaro ɗan shekara goma sha biyu, ɗan ƙanwata, da ya kawo mana ruwa ya tsaya yana saurare. Da dariyar ta lafa ya ce, "Kawu, mene ne abin dariyar? Ai ƙarya ya yi."

Wani matashi da ke wurin ya karɓe. Ya ce Juha marowaci ne, ya yi ƙarya, jakin ya tona masa asiri, shi kuma maimakon ya ji kunya sai ya nemi ya kare kansa da hujjar da ba ta da tushe, domin jaki ba ya magana balle ya yi ƙarya. Duk abin da ya faɗa daidai ne. Yaron ya gyaɗa kai ya ce, "To, na gane," amma ko murmushi bai yi ba, mu ma da muka yi dariya ɗazu sai muka ji labarin ya yi sanyi kamar tuwon jiya.

Dattijon da ya kawo labarin bai ce komai ba sai da matashin ya gama. Sannan ya kira yaron ya ce, "Zo nan, jikana. Ka ɗauka kai ne alƙali. Ga shaidu biyu an kawo gabanka, ɗaya dattijo mai gemu, ɗaya jaki. Shaidar wa za ka karɓa?" Yaron ya buɗe baki zai ba da amsa, sai ya tsaya, idonsa ya yi haske, sannan dariya ta ƙwace masa har ruwan da ke hannunsa ya zube.

Mutum biyu sun yi bayanin barkwanci ɗaya ga yaro ɗaya, na farko ya kashe shi, na biyu ya raya shi. Tun daga wannan daren nake bin diddigin bambancin da ke tsakaninsu, kuma na samu cewa masana sun daɗe suna kokawa da wannan tambayar.

A shekarar 1941 marubucin nan Ba'amurke E. B. White, a gabatarwar wani kundin rubuce-rubucen ban dariya da suka tattara shi da matarsa Katharine, ya kamanta bayanin barkwanci da feɗe kwaɗo: za ka ga kayan ciki, amma kwaɗon ya mutu. Mutane da yawa sun riƙe wannan kamar hukuncin ƙarshe, suna cewa barkwanci ba a bayaninsa. Ni ban yarda ba, domin na ga dattijo ya yi bayani kwaɗon kuma ya yi tsalle. Abin da ke kashe barkwanci wani irin bayani ne takamaimai, kuma sai mun san yadda dariya ke tasowa za mu san wane iri ne.

Zato da saɓaninsa

Bayani mafi ƙarfi da ake da shi a kan barkwanci shi ne wanda zan kira saɓanin zato. Wani malamin falsafa, Francis Hutcheson, ya yi rubutu a kansa a Dublin a 1725, yana mai cewa dariya na tasowa ne idan aka haɗa abu mai girma da abu ƙasƙantacce wuri guda. Immanuel Kant na Jamus ya ƙara masa armashi a 1790. A ganinsa, mai ba da labari yana ɗaure zaton mai saurare har ya yi tauri, sannan farat ɗaya ya mai da zaton ba komai ba.

Dubi yadda wannan ke aiki a labarin Juha. Da jakin ya yi kuka, an rufe wa Juha kowace ƙofa. Mai saurare, ko bai sani ba, ya riga ya jera hanyoyin da suka rage masa: ko ya amsa laifi, ko ya ƙaro wata ƙaryar, ko ya yi shiru cikin kunya. Juha bai bi ko ɗaya ba. Wanda aka kama shi ne ya koma mai tuhuma, maƙwabcin da aka yi wa ƙarya ya koma marar ladabi.

Sai dai bazata kaɗai ba ta isa ba. A 1972 wani masanin halayyar ɗan Adam, Jerry Suls, ya nuna cewa mafi yawan barkwancin da ake bayarwa da baki mataki biyu ne. Da farko maganar ƙarshe ta saɓa wa abin da ka zata. Daga nan ƙwaƙwalwarka ta koma baya da gudu tana neman wata ƙa'ida da za ta sa maganar ta dace da farkon labarin. Idan ta samu, ka yi dariya. Idan ba ta samu ba, ka yi tsuru kana tambayar me ake nufi.

To wace ƙa'ida ce ke ɓoye a maganar Juha? Kukan jaki alama ce, kamar yadda hayaƙi alamar wuta ne. Ba wanda ya gaskata jakin, jin sa kawai aka yi. Juha ya ɗauki wannan alama ya mai da ita shaida, kamar jakin ya tsaya gaban alƙali ya rantse cewa yana gida. Da zarar ka yarda da wannan, ko da na ƙiftawar ido ne, Juha yana da gaskiya. A kowace majalisa idan maganar dattijo ta ci karo da ta wanda bai kai shi ba, ta dattijon ake ɗauka, balle ta dabba. Ƙa'idar ta gaskiya ce, mun tashi da ita tun muna yara, wurin da aka kawo ta ne ba nata ba. Mai saurare yana riƙe da abu biyu a lokaci guda: maganar nan shirme ce, maganar nan kuma tana da hujja. A tsakanin su biyun dariyar take.

Hanya mafi sauƙi ta tabbatar da wannan ita ce a canza abu ɗaya a labarin a ga abin da zai faru, kamar yadda bakanike ke cire waya ɗaya ya tayar da inji don ya san aikinta.

Mu ce da jakin ya yi kuka Juha ya ce, "Au, ashe an dawo da shi ban sani ba." Wannan amsa ce mai ma'ana, ta dace da labarin, amma ba ta saɓa wa zaton kowa ba, don haka ba dariya. Mu ce kuma ya ce, "Bana gero zai yi tsada." Wannan ba wanda ya zata, amma duk komawar da ka yi baya ba za ka sami zaren da ya haɗa ta da jakin ba. Sai dai ka ce mutumin ya ruɗe. Amsa ta farko tana da dacewa babu bazata, ta biyu tana da bazata babu dacewa. Ta Juha ce kaɗai ta haɗa biyun.

Yanzu a cire jakin a sa ɗan Juha. Yaro ya leƙo ya ce, "Baba, ai ga jakin can a turke," Juha ya ce, "Da furfurata za ka ƙaryata ni, ka gaskata yaro?" Wataƙila a yi murmushi, amma ƙarfin ya tafi, domin yaro yana iya ba da shaida da gaske, ba a mai da alama shaida ba. Har ma wani abu marar daɗi ya shigo, uba yana ƙaryata ɗansa mai gaskiya. Ko kuma a bar dabba amma a mai da shi doki. Labarin zai yi aiki, sai dai ya rage zafi, saboda doki dabbar sarauta ce, jaki kuwa shi ne wanda ake zagin mutum da sunansa. Abin da Hutcheson ya faɗa ke nan: gwargwadon nisan da ke tsakanin furfura da abin da aka jera ta da shi, gwargwadon ƙarfin dariyar.

Har jerin kalmomin yana da aiki. Dattijonmu ya ajiye kalmar "jaki" a ƙarshen jimla. Da ya ce, "Za ka gaskata jaki ka ƙaryata ni da furfurata?" ma'anar ɗaya ce, amma mai saurare zai gano juyin tun a tsakiyar jimla, sauran kalmomin su taka dariyar tana shirin fitowa. Gwanayen ba da labari sun san wannan ba tare da an koya musu ba: kalmar da ke buɗe kullin ita ake faɗa a ƙarshe, sannan a yi shiru.

Nan ne kuma amsar tambayarmu ta fara bayyana. Idan daɗin barkwanci yana cikin wannan komawa baya da mai saurare ke yi da kansa, to duk wanda ya yi masa komawar ya cinye masa rabonsa. Matashin nan ya tauna abincin ya miƙa wa yaron. Dattijon kuwa ya kai shi bakin ƙofar, ya nuna masa kotu da shaidu biyu, ya bar shi ya taka matakin ƙarshe da ƙafarsa.

Nauyin da ake saukewa

Akwai abin da saɓanin zato bai bayyana ba. Kacici-kacici ma yana da bazata da warwarewa, amma wanda ya cinka yakan ce "Ashe!" ne, ba ya faɗuwa ƙasa don dariya. Wanda ya buɗe ƙofar ɗakinsa ya ga maciji ya gamu da bazata, ba ya dariya. Me ke ba dariya ƙarfin da har take girgiza jiki ta kawo hawaye?

Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Göran Nerhardt, ya yi gwaji a shekarun 1970 da ke haska wannan. Yakan ba mutum wasu abubuwa ya ɗaga ɗaya bayan ɗaya yana kimanta nauyinsu, duk nauyin kusan ɗaya. Sai a ƙarshe ya miƙa masa wanda ya fi sauran nauyi ko sauƙi nesa ba kusa ba. Mutane sukan yi murmushi ko dariya, alhali ba a faɗi wata magana ba. Amma da aka gwada irin wannan da akwatuna ga matafiya a tashar jirgin ƙasa, dariyar ba ta zo ba. Bazatar iri ɗaya ce, halin da mutanen ke ciki ne ya bambanta. Sai zuciya ta amince cewa wurin na wasa ne kuma babu abin da zai cuce ta.

Bayani na biyu, wanda zan kira sauke nauyi, daga nan ya ɗauko. Herbert Spencer na Ingila ya rubuta a 1860 cewa idan zuciya ta tara wani ƙarfi tana shirin babban abu, sai abin ya zamo ƙanƙani, ƙarfin da ya rage dole ya sami mafita, mafitar kuwa ita ce dariya. Misalin da ya bayar na gidan wasan kwaikwayo ne. Masoya biyu sun sasanta bayan doguwar rashin jituwa, 'yan kallo sun yi tsit zukatansu sun cika, sai ga ɗan akuya ya shigo dandali ya je yana sansanar su. Gidan ya ɗauki dariya. Da ɗan akuyan nan a bakin titi suka gan shi, ba mai ko kallonsa. Cikar da zuciya ta yi kafin zuwansa ita ce ta fashe.

Sigmund Freud na Biyana ya ɗauki wannan ya kai shi wani wuri a littafinsa na 1905 a kan barkwanci. A ganinsa, kullum muna kashe ƙarfi wajen danne abubuwan da tarbiyya ta hana mu faɗa, kamar haushin na gaba da mu, tsoron mutuwa da sha'awar da ake jin kunyarta. Barkwanci yana buɗe musu wata ƙaramar ƙofa ta gefe, ƙarfin dannewar ya huta na ɗan lokaci. Ya kawo labarin wani da aka yanke wa hukuncin kisa, ana tafiya da shi ranar Litinin, ya ce lallai makon nan ya fara da kyau. Saɓanin zato yana nan, domin maganar ta mai sauran kwanaki a gaba ce. Amma abin da ke sa ta ratsa mutum shi ne nauyin mutuwar da aka ɗora mana sannan aka ɗage na daƙiƙa ɗaya.

Masana na yau ba su yarda cewa akwai wani ƙarfi da ke taruwa a jijiyoyi kamar ruwa a bayan madatsa ba, yadda Spencer ya siffanta. Wannan ɓangaren ya faɗi. Abin da ya tsaya shi ne lurar da suka yi, wadda kowa zai iya gwadawa a kansa: dariya ta fi ƙarfi a inda aka fara jin matsi. Shi ya sa ɗalibai ke shan wahalar danne dariya a gaban malami mai tsanani, a kan abin da ba zai ba su dariya a filin wasa ba.

To ina nauyin yake a labarin Juha? Yana cikin kunya. Duk wanda ya tashi a cikinmu ya san wuyar cewa "a'a" ga maƙwabci. Ba a cewa "ba zan ba ka ba", sai a ce abin ya lalace, ko wani ya riga ka. Ba gidan da ba a taɓa aika yaro ya ce wa mai sallama mai gidan ba ya nan ba, kuma kowa ya san tsoron da ke biyo baya, kada yaron ya je ya ce, "Baba ya ce wai ba ya nan." Lokacin da jakin ya yi kuka, mai saurare yana jin kunyar a jikinsa, domin ya taɓa tsayawa a inda Juha ya tsaya ko ya kusa. Yana jiran ƙasa ta tsage. Sai Juha ya ƙi jin kunyar ɗungurungum, ya miƙa ta ga maƙwabcin. Nauyin da muka ɗauka dominsa ya tashi a banza, muka sauke shi da dariya.

Wannan ma ana iya gwada shi. A ce maƙwabcin jakin yake nema don ya kai matarsa mai naƙuda wurin ungozoma cikin dare. Ba a canza ko harafi ɗaya a amsar Juha ba, amma dariyar ta mutu, domin nauyin ya yi yawa kuma amsar ba ta sauke shi ba, matar tana nan tana jira. Juha ya tashi daga mai wayo ya koma azzalumi. A ɗaya gefen kuma, a ce su biyun sun san wasa suke yi tun farko, ba mai bukatar jaki. Nan ma dariyar ta ragu, domin babu abin saukewa. Barkwanci yana son nauyi daidai wanda magana ɗaya za ta iya ɗagawa.

Al'adarmu ta wasan barkwanci tsakanin taubasai, tsakanin jika da kaka, tsakanin Fulani da Barebari ko Kanawa da Zagezagi, a kan wannan ma'aunin take tafiya. Maganar da Bafulatani zai gaya wa Babarbare a yi dariya, idan baƙon da ba abokin wasa ba ya faɗe ta, faɗa ne. Kalmomin suna da nauyin zagi, dangantakar ce ke tabbatar wa kowa cewa ba cuta a ciki. A 2014 hukumar UNESCO ta sanya wannan al'ada ta Jamhuriyar Nijar cikin jerin al'adun gado na duniya. Wanda zai bayyana wa baƙo irin wannan wasa, fassara masa kalmomin ba za ta yi amfani ba. Dangantakar zai gaya masa, kalmomin su yi aikinsu.

Yadda ake bayanin

Idan mutum bai yi dariya ba, kafin ka buɗe baki ka fara gano abin da ya rasa, domin rashin dariya iri-iri ne, kuma fuska tana nunawa.

Wani bai san wani abu da labarin ya dogara a kai ba. Za ka gan shi yana jira, kamar labarin bai ƙare ba. Wanda ya tashi a inda furfura ba ta ba magana nauyi ba zai ga hujjar da Juha ya jingina da ita ba. Maganin wannan shi ne a ba shi abin da ya rasa tun kafin labarin, a cikin hira, ba tare da an nuna masa cewa shiri ake yi ba. Gwanin labari yakan sa shi a farkon zance: "Ka san Juha dattijo ne da ake jin maganarsa a unguwa." Jimla ɗaya ta isa. Idan an riga an ba da labarin, a faɗi wannan abu ɗaya kawai a tsaya.

Wani kuma ya san komai amma juyin ya wuce shi, kamar yaron nan namu. Alamarsa ita ce yakan maimaita maka labarin daidai, ya tsaya a kan ma'ana ta farko: "Ai ƙarya ya yi." Wannan tambaya yake bukata, wadda za ta ɗora shi a kan ma'ana ta biyu ba tare da ta faɗe ta ba. Dattijon bai ce kukan jaki alama ce da aka mai da shaida ba. Kotu ya kafa, ya naɗa yaron alƙali. Tambaya tana barin aiki a hannun wanda aka tambaya, kuma tana dawo da ɗan matsi, domin yaron ya ji dole ya ba da amsa a gaban manya.

Muna da kyakkyawan misali na wannan a hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito daga Anas ɗan Malik. Wani mutum ya roƙi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, abin hawa, sai ya ce zai ɗora shi a kan ɗan taguwa. Mutumin ya ɗauka jaririn raƙumi ake nufi, ya tambaya me zai yi da shi. Amsar da aka ba shi tambaya ce guda, cewa shin akwai raƙumin da ba taguwa ce ta haife shi ba. Mutumin ya zo da bukata, ya ji kamar ba za ta biya ba, sannan tambaya ɗaya ta nuna masa ma'ana ta biyu ta kuma sauke masa damuwar. Maganar gaskiya ce daga farko har ƙarshe, kuma ba a wulaƙanta kowa ba.

Na uku shi ne wanda ya gane sarai amma bai yi dariya ba. Fuskarsa ba ta jira, ta rufe. Wataƙila jiya aka hana shi aro, ko barkwancin ya taɓa ƙabilarsa, ko rashin da ya yi. Wannan babu bayanin da zai yi masa amfani, domin ba fahimta ya rasa ba, aminci ya rasa. Nan ne mutane suka fi yin kuskure, su dage suna cewa "ba ka gane ba ne", suna maimaita abin da ya yi masa ciwo. Abin da ya dace shi ne a bar zancen, idan kuma an ɓata masa rai a ba shi haƙuri.

Akwai kuma lokaci. Duk dogon bayanin da na yi a wannan rubutu ya zo ne bayan ka riga ka ji labarin yadda yake. Da na fara da cewa zan ba ka labarin wani da ya mai da kukan dabba shaidar kotu, da na kashe shi tun bai fito ba. Bayan dariya, bayani yana ƙara daɗi, irin daɗin da mai kallon dambe ke ji idan aka nuna masa yadda aka kai naushin da ya ga ya kayar da mutum. Labarin Juha ya jure irin wannan dubawa fiye da shekara dubu, domin sunansa ya fito a rubutun Jahiz na Basra tun ƙarni na 9, Turkawa kuma suna ba da irin labaransa da sunan Nasiruddin Hoja. Barkwancin da ke da gini mai kyau ba ya rushewa don an duba gininsa, muddin an bar mai saurare ya fara shiga da kansa.

Ga wani labarin na Juha, zan bar maka shi ba bayani. Ya ari tukunya wurin maƙwabcinsa, da zai mayar sai ya sa wata ƙarama a ciki, ya ce tukunyar ce ta haihu a gidansa. Maƙwabcin ya karɓe duka biyun yana murna. Bayan kwana biyu Juha ya sake aron tukunyar, aka ba shi da sauri. Mako ya wuce shiru, maƙwabcin ya je biɗa. Juha ya fito da fuskar jimami ya ce, "Sai haƙuri, maƙwabci. Tukunyarka ta rasu."

Mai karatu, ka ba da wannan a gidanku yau da dare. Idan wani yaro ya tambaye ka abin dariyar, kada ka gaya masa. Ka tambaye shi abin da maƙwabcin ya ce ranar da aka kawo masa labarin haihuwar, sannan ka yi shiru ka ba shi lokaci.